Ki faɗi yoyon da bakinki, kar damina ta faɗa miki

"Zan ba da hayar gidana a Samaru, ciki da falo biyu, amma silin ɗaki ɗaya na yoyo. In na rubuta a talla ai ba wanda zai zo, ko in yi fenti kawai in yi shiru?"

Hajiya don Allah kar ki rufe da fenti. Da rani ba za a gani ba, amma ruwan Agusta na sauka tabon zai dawo, silin ya kumbura, ɗan haya ya riƙe kuɗi, ƙarshe sai gaban mai unguwa. Kuma a Musulunci ɓoye aibin da ka sani algus ne.

Ki fara da abin da mutum zai iya tabbatarwa da idonsa. Maimakon "ruwa ba ya yankewa" ki ce akwai rijiya a tsakar gida, tana ja baya a watan Afrilu, lokacin sai an sayi na 'yan garuwa. Maimakon "dab da ABU" ki faɗi minti nawa ne a ƙafa zuwa geti, don ɗalibi ko malami abin da yake aunawa ke nan. Mita kuma ki faɗa ta kati ce ko haɗaka da maƙwabta.

Sai yoyon, jimla ɗaya ta isa: "Silin ɗakin baya na yoyo ta kusurwar taga in ruwa ya yi ƙarfi, kwano biyu ke son canji, zan gyara kafin a tare ko a cire kuɗin daga haya." Ki sa kafinta ya hau ya duba tukunna don kar ki ce biyu a tarar shida ne. Hoton kusurwar ma ki ɗauka da rana ki haɗa da sauran, kuma maganar gyaran ta shiga takardar yarjejeniya gaban shaidu.