Bakin zaren da za ka miƙa musu

"Kawu, ina da abokai biyu, ɗaya tun muna makaranta, ɗaya a wurin aiki. Na haɗa su, suka gaisa, sai wuri ya yi tsit, kowa ya koma kan wayarsa. Don Allah yaya kuke yi idan kun gabatar da mutum biyu sai hira ta kama nan take?"

Ɗana, ko ban kasance a wurin ba na san abin da ka ce musu. Cewa ka yi, "Wane, ga abokina wane. Wane, ga wane." Sai ka ja baki ka yi shiru kana jiran su ci gaba. To da me za su ci gaba? Suna kawai ka ba su, shi kuwa suna ba a yin hira da shi. Kai ka san su duka biyun ciki da waje, su kuma ba abin da suka haɗa a duniya sai kai. Saboda haka nauyin jimlar farko a wuyanka yake.

Bari in fara da tsari, don ba shi da tsawo. Wanda ya fi shekaru ko matsayi shi kake fara kiran sunansa, ka gabatar masa da ƙaramin. Idan sa'o'in juna ne, fara da wanda ya riga zama a wurin. Ka faɗi kowane suna a fili, ba cikin haƙora ba, kuma ka kira kowa da sunan da yake so baƙo ya kira shi, ba laƙabin da kuke tsokanarsa da shi a aji ba. Ka sake ambaton sunayen sau ɗaya cikin maganarka, domin yawancin mutane hankalinsu na kan fuska da gaisuwa a lokacin da aka faɗi sunan, sai ya wuce su.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne abin da za ka ɗora a kan sunan. Mutane da yawa suna zaton a nemo inda biyun suka yi kama. "Ai ku biyun duk kuna son ƙwallo." Sai ɗaya ya ce to madalla, ɗayan ya ce haka ne, magana ta mutu. Ka riga ka faɗi ƙarshen labarin, ba ka bar musu abin tambaya ba. Ni abin da nake nema shi ne wurin da ɗaya yake da tambaya, ɗayan kuma yake da amsa, ko wani abu da ɗayansu yake tsakiyar yi bai gama ba. Abin da bai ƙare ba shi ke jawo "to yanzu ina aka kwana?"

Ga misali. Akwai wani tsohon abokina kafinta, mutum ne marar yawan magana, idan ka zauna da shi sai ka yi zaton fushi yake. Wata rana a wurin wani taro muka haɗu da wani maƙwabcina, malamin lissafi, wanda shi ma ba gwanin hira da baƙo ba ne. Da na ce "wannan kafinta ne, wannan malami ne," da sun jinjina wa juna kai an tashi. Amma na tuna kwana biyu kafin nan malamin ya tsaya a ƙofar gida yana yi wa duk mai wucewa ƙorafin gara ta cinye masa katakon rufin ɗaki, ya rasa ko ya sauke rufin duka ko ya canza wanda ya lalace kawai. Sai na ce wa kafintan, "Ga maƙwabcina, gara ta saka shi a gaba a rufin ɗakinsa." Na juya ga malamin na ce, "Shi kuma wannan ya fi shekara talatin yana ɗora rufi, ya sha ganin irin wannan." Jimla ɗaya ga kowa. Kafintan nan da ba ya magana sai ya gyara zama ya ce, "Idan ka ƙwanƙwasa katakon, yana ƙara kamar ganga ko yana da nauyi?" Daga nan suka shiga zancen hanyar ƙasa da gara ke ginawa a jikin bango, da inda danshi ke taruwa. Da na dawo bayan rabin awa, malamin ne ke nuna wa kafintan yadda zai lissafa tsawon katakon da ya jingina daga faɗin ɗaki da tsayin tsakiyar rufi.

Ka lura da abu biyu a nan. Ban ce wa kafintan ya je ya gyara ba, don da na faɗi haka na mayar da gabatarwa neman aikin kyauta, shi kuma ya fara tunanin yadda zai zame. Sannan matsalar garar ba sirri ba ce, mai ita da bakinsa yake yayata ta. Wannan shi ne ma'aunina: abin da mutum zai iya faɗa wa baƙo da kansa ba tare da ya ji nauyi ba, shi kaɗai nake ɗauka. Na koyi wannan da tsada. Ina saurayi na taɓa gabatar da wani abokina da cewa "yana neman aiki," a zatona taimakonsa nake. Fuskarsa ta canza, ɗayan kuma ya ɗaure kamar wanda aka zo roƙo. Abokin nan ya yi watanni bai sake mini fuska ba. Rashin lafiya, bashi, mutuwar aure, rasa aiki, duk ka bar wa mai su.

Yabo mai yawa ma yana kashe hira. Idan ka ce "wannan ai ba wanda ya kai shi ilimi," ka ɗora masa kaya, ka kuma sa ɗayan ya ji shi ƙarami. Haka idan sana'arsu ɗaya ce, ka yi hattara, wani lokaci sai su koma auna juna, wa ya riga wa farawa, wa ya fi wa matsayi. Gara ka nemo wani abu daga gefe.

Bayan ka jefa zancen, kada ka gudu nan take, kuma kada ka zauna ka mamaye. Kuskuren da na fi gani ga masu abokin makaranta irinka shi ne su faɗa tuna baya, "ka tuna ranar da aka kore mu daga aji," su yi ta dariya su biyu, baƙon yana murmushin dole. Tsaya minti biyu ko uku kana kallon idanunsu. Idan duk wanda ya yi magana kai yake kallo, hirar ba ta kama ba, ta kanka take bi. Sai ka mayar da ita: an tambaye ka abu, ka ce "ai shi ya fi ni sanin wannan," ka yi shiru. Da ka ga sun juya suna fuskantar juna, ɗaya ya yi wa ɗaya tambayar da ba kai ka kawo ta ba, nemi uzuri ka tashi.

Su abokan naka, kafin ka sake haɗa su ka zauna ka tuna me kowannensu ya fi damunka da zancensa a watan nan, ba abin da ka san shi da shi shekara goma da suka wuce ba. Ka kuma gaya wa kowa tun kafin ranar cewa ɗayan zai zo, da dalilin da ya sa kake so su san juna. Idan ka yi duk wannan suka gaisa cikin mutunci amma jininsu bai haɗu ba, ƙyale su, kada ka yi ta turawa. Ina da aminai biyu da na haɗa sau uku, har yau iyakarsu gaisuwa.