Direban Tasi a Berlin da Hotunan Allon Wayarsa: Yadda Labarin Zai Tsaya da Ƙafarsa

Tambaya: Malam, ina rubuta gajeren labari a kan wani direban tasi a Berlin wanda Jamusancinsa bai yi ƙarfi ba, yana ɗaukar hoton allon manhajar da ke ba shi fasinja, ya riƙa nazarin hotunan da dare har ya gane. Waɗanda suka karanta sun ce labarin ya zama kamar darasin koyon harshe. Ina gyaran yake?

Amsa: Malama, kafin a zo kan hotunan akwai ƙofa guda da ya kamata ki toshe tun a shafin farko, domin duk wanda ya taɓa riƙe waya zai tambayi abin da ya hana direban ya sauya harshen manhajar. Manyan manhajojin sufuri sukan bi harshen da aka saita wayar a kai, saboda haka sai ki sa shi yana aiki ƙarƙashin ƙaramin kamfani mai manhajar da Jamusanci kaɗai take ji, ko kuma ki nuna cewa bayanan da ma'aikacin ofis ke rubutawa da hannu a kan kowane aiki ba sa fassaruwa ko da an sauya harshen. Lokacin labarin ma yana da tasiri. Direban tasi a Jamus yana buƙatar izinin ɗaukar fasinja da ake kira P-Schein, kuma har zuwa watan Agustan 2021 sai mutum ya ci jarrabawar sanin titunan gari kafin a ba shi. Idan kika ajiye labarin bayan wannan lokaci, mai karatu zai fi yarda cewa mutum mai ƙarancin harshe ya sami sitiyari.

Abin da ya mayar da labarinki darasi, a ganina, shi ne kin ɗauki hoton allo a matsayin shafin ƙamus, wato kalma ga ta, ma'ana ga ta. Mai aiki cikin gaggawa yakan fara ne da haddace wuri da launi: maɓallin dama kore ne, idan ya taɓa shi aiki ya zama nasa, na hagu kuwa ya kore aikin. Zai iya yin makonni yana cin abinci da wannan sani ba tare da ya karanta harafi ɗaya ba, kuma yana ganin ya iya. A nan labari yake, domin sanin da ya tsaya a kan launi da wuri yana rushewa ranar da aka sabunta manhajar aka matsar da maɓallai, ko ranar da wata kalma ƙarama ta bayyana a saman allon da ya saba gani.

Bari in ɗauki misali guda in bi shi daki-daki. Da ƙarfe 14:10 wayar ta yi ƙara, allo ya nuna adireshi, ƙarƙashinsa maɓallai biyu, Annehmen da Ablehnen, wato karɓa da ƙi, ga kuma daƙiƙu suna raguwa. Ya taɓa na karɓa kamar kullum, ya ɗauki hoton allon yana tsaye a layin tasi, ya tuƙa zuwa gidan. Ya jira minti goma babu wanda ya fito, ya danna ƙararrawa, wata dattijuwa ta leƙo tana nuna masa agogon hannunta tana faɗin abin da bai kama ba. Ya koma mota ransa a ɓace, ya taɓa Fehlfahrt, wanda ya haddace a matsayin maɓallin da ake taɓawa idan an je ba a sami fasinja ba. Da yamma mai motar ya kira shi yana faɗa, shi kuwa bai san laifinsa ba.

Da dare sai ya jera hoton yau kusa da na jiya, yana matsa su da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Komai iri ɗaya ne in ban da layi guda a sama, inda aka rubuta Vorbestellung 16:40. Ya koma baya cikin hotuna kusan ɗari biyu yana neman kalmar, ya same ta sau uku, kuma a kowane lokaci akwai sa'a a gefenta wadda ta zarce sa'ar da ke saman wayar lokacin da aka ɗauki hoton. Sai ya gane da kansa cewa aiki ne da aka yi odarsa tun da wuri domin wani lokaci na gaba, cewa ya isa gidan da wajen awa biyu kafin lokaci, kuma cewa shi ne ya rubuta wa dattijuwar rashin fitowa alhali ba ta yi laifin komai ba. Kada ki bari wani ya fassara masa kalmar a wannan wuri. Idan aboki ya faɗa masa, kin mayar da mai karatu ɗalibi. Idan ya gano ta hanyar kwatanta sa'o'i biyu, mai karatu zai riga shi ganewa da layi ɗaya ko biyu, kuma wannan ɗan jinkiri shi ne daɗin wurin.

Kalmomi huɗu ko biyar na Jamusanci sun ishi labarin gaba ɗaya. Ki zaɓi masu kama da juna a ido, kamar Ablehnen da Abbrechen, ɗaya ƙin aiki tun farko, ɗaya katse abin da aka riga aka fara, domin mai karatun Hausa ma zai ruɗe da su kamar yadda direban ya ruɗe.

Sai kuma iyakokin hoton, waɗanda marubuta kan manta. Hoto yana riƙe allon da ke gabanka, amma ba ya nuna abin da ya biyo bayan taɓa maɓalli, don haka direba mai hankali zai koyi ɗaukar biyu-biyu, kafin ya taɓa da bayan ya taɓa, kuma ranar da ya soma yin haka ci gaba ne da ya cancanci sakin layi nasa. A yawancin wayoyin Android ana ɗaukar hoton ne ta danne maɓallin kunnawa tare da na rage sauti, abin da ke sa a ɗaga wayar a hannu, dokar hanya ta Jamus kuwa tana cin mai riƙe waya yana tuƙi tarar Yuro 100, a kuma rubuta masa makin laifi ɗaya a rajistar direbobi. Saboda haka allon da ya fi buƙata, wanda ke fitowa mota na tafiya, shi ne wanda ba shi da hotonsa. Wasu manhajojin ma suna hana ɗaukar hoton wasu shafuka, sai dai wayar ta ƙi ko ta ajiye baƙin fili.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi taɓa ni a wannan labari. Hotunan nan cike suke da sunaye da adiresoshin mutane, kuma tun 25 ga Mayun 2018 dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta tsananta a kan irin wannan ajiya, don haka kamfani zai iya umartarsa ya goge su duka. Wannan ya ba ki ƙarshen da ya fito daga cikin labarin kansa: yana zaune a mota an kashe inji, yana goge su ɗaya bayan ɗaya, yana karanta kowanne a fili kafin ya goge, har ya iso kan na dattijuwar mai 16:40, ya daɗe yana kallonsa, sai wayar ta yi ƙara da sabon aiki, ya karanta layin sama kafin ya kai yatsa.