Hujjar rashin daidaiton Bernoulli

Tambaya: "Malam, yaya ake tabbatar da cewa (1+x)^n ≥ 1+nx?"

Sharaɗi tukuna: n cikakkiyar lamba ce daga 1, kuma x ≥ −1. Idan n=1, ɓangarorin biyu daidai suke. To, a ce maganar ta tabbata ga wata lamba n=k, wato (1+x)^k ≥ 1+kx; saura mu nuna ta tabbata ga k+1. Ninka kowane ɓangare da 1+x. Alamar ba za ta juya ba, tunda 1+x bai gaza sifili ba. Nan ne sharaɗin ya yi amfani, kuma nan ɗalibai suka fi yin tuntuɓe.

(1+x)^(k+1) ≥ (1+kx)(1+x) = 1+(k+1)x+kx²

Shi kx² ba ya gaza sifili, sai ka jefar da shi; ta tabbata ga k+1 ke nan. Tunda ta tabbata ga 1, ta tabbata ga 2, sai 3, haka har kowace n.

Gwada x=−4, n=3, ka ga abin da watsi da sharaɗin ke jawowa: hagu −27, dama −11.