Yayana ya turo saƙo a WhatsApp wai in tura masa kuɗi

Tambaya: "Yayana da ke Abuja ya rubuto min a WhatsApp, wai yana asibiti, in tura dubu hamsin yanzu-yanzu. Lambarsa ce, hotonsa ne. In tura?"

Dakata tukuna, ɗan'uwa. Lamba da hoto ba shaida ba ne. Ɓarayi kan yaudari mutum ya karanto musu lambobi shida da WhatsApp ke turowa, su buɗe asusunsa a wayarsu. Daga nan duk abin da ka tambaya a cikin hirar, ɓarawon ne zai amsa maka.

Kira shi a layinsa, kira na kati, domin galibi layin yana hannunsa. Idan bai ɗauka ba, nemi matarsa ko maƙwabcinsa. Ko saƙon murya kada ya ruɗe ka, ana iya turo tsoho.

Kuma duba sunan da ya fito idan ka sa lambar akawun. In baƙon suna ne, aka ce wai na mai POS ne, ni nan nake tsayawa.

Idan ka riga ka tura, kira bankinka nan take da shaidar turawar, ka kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC, sannan a sanar da dangi kada wani ya tura.