Halifofi Shiryayyu: Ina Sunan Ya Samo Asali?

Tambaya: "Malam, tun muna makarantar Islamiyya ake ce mana Abubakar da Umar da Usman da Ali su ne halifofi shiryayyu. Me ya sa aka keɓe su da wannan suna, kuma yaya aka zaɓi kowannensu?"

Ɗan'uwa, kalmomin nan biyu ba daga gida ɗaya suka fito ba. Halifa aro ne daga Larabci, asalinta daga tushen da ke nufin baya, wato wanda ya zo bayan wani ya tsaya a matsayinsa. Mu a Hausa magaji ne ya fi kusa da ita, sai dai magaji yana jan hankali zuwa ga jini, har muke cewa kyan ɗa ya gaji ubansa. Halifa kuwa babu sharaɗin jini a cikinta. Abubakar, Allah Ya ƙara masa yarda, an kira shi Halifan Manzon Allah ne domin ya tsaya a wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wajen jagorancin al'umma, ba wajen annabci ba. A zamanin Umar aka soma cewa Amirul Muminina, laƙabin da Hausa ta mayar Sarkin Musulmi.

Shiryayyu kuma Hausa ce tsantsa, jam'in shiryayye, kuma da ita malamanmu suka fassara rashidun. Amma a kula, aikatau shirya yana da fuska fiye da ɗaya. Akwai shirya kaya, akwai shirya tsakanin masu faɗa, akwai kuma Allah Ya shirye ka. Ta ukun nan ce ake nufi, wadda ta haifi kalmar shiriya. A Larabci rushdu shi ne kishiyar ɓata, kamar yadda ya zo a aya ta 256 cikin Suratul Baƙara cewa shiriya ta bayyana daga ɓata. Daga wannan tushe ne sunayen Rashidu da Rashida suka fito.

Shi sunan ba masu tarihi suka ƙago shi ba. Ya zo a hadisin Irbadu ɗan Sariya da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, inda Annabi ya yi umarni da a riƙe sunnarsa da sunnar halifofi rashidina mahdiyyina a bayansa. Sifa biyu ke nan a jere. Rashid shi ne wanda ya san gaskiya ya bi ta da kansa, mahdi kuwa shi ne wanda aka shiryar. Abin da ke burge ni shi ne Hausa ta haɗa su a kalma guda, domin idan Bahaushe ya ce yaro shiryayye ne, yana nufin an shiryar da shi kuma ya shiryu. Sai dai shiryayye ba ma'asumi ba ne. Ahlus Sunna, waɗanda su ne ke amfani da wannan suna ga mutanen huɗu, ba su ce ba sa kuskure ba. 'Yan Shi'a kuma suna ganin Ali ne ya cancanci matsayin tun farko, don haka ba sa bin wannan jeri.

To, hadisin Irbadu bai ambaci suna ko adadi ba. Abin da ya tsayar da lissafin shi ne hadisin Safina, wanda ya ce halifanci shekara talatin ne, daga nan sai mulki. Sai a ƙidaya: Abubakar shekara biyu da 'yan watanni, daga 632 zuwa 634, Umar shekara goma da rabi, zuwa 644, Usman shekara goma sha biyu, zuwa 656, Ali kusan biyar, zuwa 661. An samu ashirin da tara da rabi, sannan wata shida na Hasan ɗan Ali suka cike talatin.

Hanyar zaɓen kuwa ba ɗaya ba ce, kuma wannan ya nuna ba daga salon zaɓe sunan ya fito ba. Ranar da Annabi ya yi wafati, Ansaru suka taru a rumfar Banu Sa'ida da nufin tsayar da Sa'adu ɗan Ubada. Abubakar da Umar da Abu Ubaida suka same su a can. Aka yi muhawara, har wani daga Ansaru ya ce a yi shugaba biyu, ɗaya nasu ɗaya na Muhajirai. Abubakar ya ce Larabawa ba za su miƙa wuya ba sai ga Baƙuraishe, ya ce a zaɓi Umar ko Abu Ubaida. Umar ya ƙi, ya ce wa Abubakar ya miƙo hannu, ya yi masa mubaya'a, sauran suka bi. Washegari aka yi ta jama'a a masallaci. Kalmar mubaya'a tushenta ɗaya da ciniki a Larabci, domin da haɗa hannu ake ƙulla duka biyun, kuma ita ce Hausa ke kira caffa.

Abubakar da ciwon ajali ya kama shi bai bar abin a buɗe ba. Ya nemi ra'ayin manyan sahabbai irin su Abdurrahman ɗan Aufu, ya sa Usman ya rubuta wasiyya cewa Umar ne a bayansa, jama'a suka amince.

Zaɓen Usman ne ya fi cancanta a tsaya a kansa. Da Abu Lu'ulu'a ya soki Umar a sallar Asuba, aka ce masa ya naɗa magaji, sai ya bar al'amarin shawara tsakanin mutum shida: Ali, Usman, Zubairu, Ɗalha, Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da Abdurrahman ɗan Aufu. Ya ce ɗansa Abdullahi ya halarci zaman, amma ba shi da rabo a shugabancin. Dubi yadda shida suka koma biyu. Zubairu ya bar wa Ali haƙƙinsa, Ɗalha ya bar wa Usman, Sa'adu ya bar wa Abdurrahman. Sai Abdurrahman ya cire kansa, bisa sharaɗin a bar masa zaɓi tsakanin sauran biyun. Ya kwashe dare uku yana bin mutanen Madina yana jin ta bakinsu, barci kaɗan yake yi. Da safiyar ƙarshe ya tara jama'a a masallaci ya bayyana cewa ya ga mutane ba su daidaita kowa da Usman ba, ya kama hannunsa, Ali ma ya yi mubaya'a. Daga Larabcin shura ne muka sami shawara, kuma Hausawa sun ce shawara ɗaukar ɗaki, domin jinka ba ta hawa kan ɗaki da hannun mutum ɗaya.

Ali ya karɓi amana a cikin tashin hankali. 'Yan tawaye sun kashe Usman a gidansa cikin Zulhajji na shekara ta 35 bayan hijira, kuma suna nan cikin Madina. Jama'a suka matsa wa Ali, ya ƙi da fari, sannan ya yarda da sharaɗin a yi mubaya'ar a masallaci a bainar jama'a, ba a ɓoye ba. Amma Mu'awiya a Sham bai yi ba, ya ce sai an fara hukunta makasan Usman. Daga wannan saɓani aka kai ga yaƙin Siffin a 657, kuma Ali bai sami haɗin kan dukan Musulmi ba har Ibnu Muljam ya sare shi a Kufa cikin Ramadan na shekara ta 40.