Piragiya ko injin niƙa?

"Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da sidi 36,000. Piragiya za ta mayar min da kuɗina a wata 12, injin niƙa kuma sai wata 20. Ba piragiyar ya kamata in saya ba?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Wallahi ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi, don wannan lissafin na bi na sayi tawa piragiyar, wato keke mai ƙafa uku na haya, a Aboabo cikin Kumasi.

Lissafinka daidai ne: jari a raba da abin da ya rage a wata bayan mai da gyara. Piragiya 3,000 a wata, niƙa 1,800. Amma abu ɗaya kawai yake gaya maka, ranar da uwar kuɗi za ta dawo. Daga ranar ya rufe ido, alhali riba daga nan take farawa.

Ja shi zuwa shekara biyar ka gani. A ce piragiya ta kawo 36,000 shekarar fari, ta biyu 24,000, ta uku 10,000 don ta koma 'yar gidan makanikai, ka sayar da gangar jikin 5,000. Duka 75,000. Niƙa kuwa 1,800 sau wata 60, sidi 108,000 ke nan, kuma injin na nan yana cin masarar masu koko.

Tawa a shekara ta biyu ta fara ba ni matsala. Yaron da na ba wa, ɗan unguwarmu ne, uwarsa ta zo har gida ta roƙe ni. Ashe da dare haya yake bayar da ita, ba ta hutawa, baƙin mai kuma sai ya zama kamar kwalta kafin a canza. Ranar da injin ya buga, a bakin titi ya bar ta ya kashe waya. Na tsaya a Suame Magazin, unguwar makanikai, cikin rana, makaniki ya zaro fistan ya nuna min duk ya ƙone, ga kuɗin makarantar yara a aljihuna, su na miƙa. Har yau in mun haɗu a masallaci sai ya kau da kai. Allah ya isa ban ce ba, albarkacin uwarsa.

Ban ce saurin dawowar kuɗi banza ba ne fa. Wanda ya ga 2022, da hauhawar farashi a Ghana ta haura kashi 50 cikin ɗari, ya san sidin yau ya fi na baɗi. In kuɗin bashi ne mai wa'adi, ko kana da tabbacin juya abin da ya dawo ka ƙara wata piragiyar, to saurin na da amfani. In naka ne, tambayi masu niƙa na Asawase shekara nawa injinsu ya yi, nawa suke kashewa a wuta da wasa faranti, kuma yaya suke yi in an ɗauke wuta. Kar ka yarda da 1,800 ɗin sai ka zauna wurinsu ka ƙirga kwanukan da idonka.

Kuma in ka ƙare a piragiyar, don Allah kai za ka riƙa kai ta canjin mai da kanka.