Bidiyon ruwan gishiri da suga: kada ki ce yana tsayar da gudawa

Tambaya: Likita, ni ma'aikaciyar jinya ce a Gadarif ta ƙasar Sudan. Ina so in yi wa matan unguwarmu bidiyon minti ɗaya a kan ruwan gishiri da suga. Tsorona shi ne, in ban ce yana tsayar da gudawa nan take ba, ba mai turawa gaba. Masu sayar da jiƙo haka suke faɗa, kuma su ake kallo.

Amsa: 'Yar'uwa, wannan maganar kam kada ta fito daga bakinki, domin ba gaskiya ba ce, kuma kusan kullum ina ganin ɓarnarta. Aikin haɗin nan mayar da ruwa da gishirin da jiki ya zubar. Gudawar na iya ci gaba kwana biyu ko uku alhali yana aikinsa. To uwar da aka yi wa alkawarin tsayawa, ta ba yaro da safe, da azahar ta ga zawo bai daina ba, me za ta ce? Bai karɓe shi ba. Sai ta ajiye kofin ta nemo jiƙo ko ƙwayar tsayar da zawo, wadda ba a ba ƙananan yara. Washegari a kawo mana shi idanu sun faɗa, ka ja fatar cikinsa ta ƙi komawa. Shi mai jiƙon ba ya nan a lokacin, yana can yana ɗaukar sabon bidiyo. Bayan kwalarar da muka gani a Kasala da Gadarif a 2024, ba ni da sauran haƙuri da irin wannan alkawari.

Ki buɗe bidiyon da gaskiyar kanta: "Wannan ba zai tsayar da zawo yau ba, amma zai hana ruwan jikin ɗanki ƙarewa." Uwa in ta ji haka za ta tsaya ta saurara.

Daga nan hannunki ya yi magana. A ga kwalbar lita ɗaya, ruwan da aka tafasa ya huce, ki juye fakitin garin gishiri da suga duka. In babu fakiti, ƙaramin cokali shida na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ki shafe bakin cokalin a gaban kyamara. Wannan shafewar ta fi dogon bayani, don "ɗan gishiri kaɗan" kowa da nasa, kuma in ya yi yawa illa ne. Ki ce in yaro ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba da cokali, a hankali, kada a daina nono, abin da ya wuce awa 24 a zubar.

Daƙiƙa goma na ƙarshe ki bar su ga alamun tafiya asibiti: zawo kamar ruwan wankin shinkafa, jini a kashi, kasa sha, ko yaro ya yi laushi. Zancen ƙwayar zinki ya jira bidiyo na biyu.